Yadda Ake Ɗago Idon Saƙa da Ya Zame Layuka da Yawa a Ƙasa Ba Tare da Warware Aikin Ba

A saƙar sanduna biyu, kowane ido, wato madaukin zare guda ɗaya, yana rataye ne a jikin idon da ke samansa, shi kuma na can sama yana rataye a jikin sanda. Da zarar ido ɗaya ya zame daga sanda, babu abin da ke riƙe da shi, sai ya fice daga cikin na ƙasansa, na ƙasan ma ya fice daga cikin nasa, a haka ɓarakar ke gangarawa layi bayan layi. Wannan ya fi saurin faruwa a saƙa mai santsi, wato wadda ake yin layi ɗaya da saƙar fuska, a juyo a yi layi ɗaya da saƙar baya, har fuskar aikin ta fito da ƙananan idanu masu siffar harafin V, bayanta kuma ya fito da ƙananan ƙulli-ƙulli a kwance. Yawancin masu koyo idan suka ga ramin, sai su zare sandar su warware duk abin da suka saƙa har zuwa inda matsalar take. Ba a buƙatar hakan, domin zaren bai tsinke ba, kuma idanun da ke dama da hagu ba su taɓu ba. Jeri ɗaya ne kaɗai ya kwance daga sama zuwa ƙasa, kuma jerin nan ɗaya za a sake hawa da shi.

Domin bayanin ya tsaya a kan abu ɗaya, za mu bi misalin bayan rigar sanyi ta jariri. An ɗora idanu 60 a kan sanda mai kaurin milimita 4, da zare matsakaici irin wanda yake ba da kimanin idanu 22 a faɗin santimita 10. Ana cikin aiki sai aka ƙirga aka samu 59, da aka duba da kyau kuma sai ga ido ɗaya a sake, yana leƙowa daga fuskar saƙar, layuka 8 ƙasa da sanda.

Abin da za a fara yi, kafin ma a nemo kayan aiki

A daina saƙa nan take, kuma kada a ja aikin ta gefe da gefe don a ga girman ramin, domin jan nan shi ne yake sa idon ya ƙara gangarawa. A ajiye aikin a kan tebur ko wani wuri mai faɗi, fuskarsa tana sama, inda haske yake da kyau. Sannan a kama idon da ya zame da fil mai kullewa, a soka shi ta tsakiyar idon a kulle. Idan babu fil a kusa, guntun zare mai wani launi da aka zura ta cikin idon aka ɗaure shi sako-sako ya wadatar. Daga lokacin da aka kama idon, gaggawa ta ƙare, ana iya barin aikin har gobe ba abin da zai ƙaru.

Yana da kyau a tabbatar cewa ido ne ya zame, domin ba kowane rami ba ne yake da wannan dalili. Ƙirga ita ce take raba gardama. Idan idanun da ke kan sanda sun ragu da ɗaya, kuma ana ganin ɗan madauki a sake a ƙasan ramin, to ido ne ya zame. Idan kuwa sun ƙaru da ɗaya, kuma akwai rami zagayayye wanda sabon jeri ya tsiro daga samansa, to zare ne ya hau kan sanda bisa kuskure aka saƙa shi kamar ido, kuma wannan gyaransa daban ne. Idan an ga bakin zare biyu a tsinke a gefen ramin, wannan ma wani aiki ne, na ɗinki.

Kayan aikin kaɗan ne. Babba a cikinsu shi ne kwarashi, wanda kaurinsa ya yi daidai da na sandar saƙar ko ya ɗan gaza ta. Ga sanda mai milimita 4, kwarashi mai milimita 3.5 ya fi daɗin aiki, domin yana shiga idon ba tare da ya buɗe shi ba, kuma ƙugiyarsa tana ɗaukar zaren gaba ɗaya. Wanda ya yi ƙanƙanta da yawa yana tsaga zare, ya ɗauko rabin silinsa ya bar rabi. Duk da haka a ajiye ƙarami guda, mai milimita 2.5 ko 3, a kusa, saboda akwai inda za a neme shi a gaba.

Karanta tsanin kafin a taɓa shi

A saman idon da ya zame za a ga zaruruwa a kwance, ɗaya bisa ɗaya, suna haɗa jerin dama da jerin hagu kamar matakan tsani. Kowane mataki na layi ɗaya ne, kuma kowane mataki zai koma ido ɗaya. Saboda haka adadin matakan shi ne adadin layukan da za a hau, ba ƙari ba ragi. A ƙirga su tun yanzu a riƙe lissafin, domin da shi za a gane ko an tsallake wani.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne matakan ba iri ɗaya ba ne, kuma bambancinsu ne yake nuna ko gyaran zai zo da sauƙi ko zai buƙaci haƙuri. Matakin da a da ido ne sannan ya kwance yana da tsawo kuma yana sako-sako, domin duk zaren da ya yi idon yana nan a wurin, a irin wannan zare kusan santimita ɗaya da rabi ko fiye. Shi kuwa layin da aka saƙa bayan idon ya riga ya faɗi, ba a taɓa ba shi zaren wannan ido ba. Zaren ya tsallaka ne kai tsaye daga maƙwabcin dama zuwa maƙwabcin hagu, shi ya sa matakinsa gajere ne, a ɗame, har ma ba a ganinsa sai an ɗan buɗa tsakanin jeruka biyun.

A misalinmu, idon ya zame daga sanda tun layuka 6 da suka wuce ba a lura ba, aka ci gaba da saƙa a kansa, shi kuma ya gangara layuka 2 da kansa. Don haka daga ƙasa akwai dogayen matakai 2 masu sauƙi, sai gajeru 6 a samansu inda saƙar ta riga ta rufe bakin ramin. Wanda bai san da gajerun nan ba zai hau biyun farko, ya ga kamar tsani ya ƙare, sai ya ja idon da ƙarfi ya ɗora a kan sanda, abin da zai bar dogon ido guda ɗaya a miƙe a kan layuka shida, saƙar kuma ta tattare a wurin.

Kawo sandunan daidai bakin ramin

Ba a iya mayar da ido kan sanda sai tsinin sandunan biyu suna daidai saman jerinsa. A bi jerin da ido daga inda fil yake zuwa sama, a ga tsakanin waɗanne idanu biyu na kan sanda ya faɗo, a sa alama a wurin. Idan wurin yana cikin idanun da ba a saƙa ba tukuna a wannan layi, sai a ci gaba da saƙa kamar kullum har a iso alamar a tsaya. Idan kuwa an riga an wuce wurin, ba sai an warware ba: a mayar da idanun ɗaya bayan ɗaya daga sandar dama zuwa ta hagu ba tare da an saƙa su ko an juya su ba, tsini yana fuskantar tsini, har a iso alamar.

A riƙe wannan bambanci, domin zai dawo a ƙarshe. A hali na farko, idon da aka ɗago zai hau sandar hagu a saƙa shi tare da sauran layin. A hali na biyu, matakin ƙarshe na layin da ake ciki ne, wato da an ɗago shi an riga an saƙa idon a wannan layi, sai dai a mayar da shi sandar dama tare da 'yan uwansa har a koma inda zaren aiki yake.

Idan layin da ake ciki na saƙar baya ne, a iso alamar sannan a juya aikin, fuskar mai siffar V ta kalli mai saƙa. Gyaran saƙa mai santsi kullum ta fuska ake yinsa. A tura idanun da ke kan sandunan biyu can baya, nesa da tsini, don kada wasu su zame yayin da hankali yake kan tsanin. Wasu suna naɗa robar ɗaure kuɗi a tsinin kowace sanda, kuma dabara ce mai amfani musamman idan sandunan na ƙarfe ne masu sulɓi.

Hawan tsanin

A riƙe saƙar da hannun hagu, babban yatsa da manuni suna danne da gindin idon da ya zame, sannan a cire fil ɗin. A dubi idon da kyau kafin a zura komai: dole ya kwanta a buɗe, gefunansa biyu da ake kira ƙafafu suna a ware, ƙafarsa ta dama a dama, ta hagu a hagu, ba su giccie juna a gindi ba. Fil yakan murɗa ido ba a sani ba, kuma idan aka hau a kan murɗaɗɗen ido, murɗin zai zauna a wurin har sai an sake kwance jerin.

A zura kwarashi cikin idon daga gaba zuwa baya, wato daga ɓangaren mai saƙa zuwa can bayan aikin, ƙugiyar tana kallon sama. Mataki mafi ƙasa, wanda yake dab da idon, ya kasance a bayan idon, ba a gabansa ba. Idan ya faɗo gaba, a ɗaga shi da tsinin yatsa ko da allura a mayar da shi baya. Sai a tura kwarashin ya shige ta ƙarƙashin wannan mataki, ƙugiyar ta kama shi a tsakiyarsa, a jawo shi ta cikin idon zuwa gaba. Tsohon idon zai zame daga kan kwarashi ya kwanta a matsayinsa da siffar V kamar maƙwabtansa, matakin da aka jawo kuma ya zama sabon ido a kan kwarashi. An hau layi ɗaya ke nan.

Lokacin jawowa, yana taimakawa a ɗan karkata ƙugiyar ta kalli ƙasa ko gefe yayin da take ratsa idon, don kada bakinta ya maƙale a saman tsohon idon, sannan a mayar da ita sama ta hanyar da aka karkato ta. Abin da za a guje wa shi ne juya kwarashin zagaye guda da ido a kansa, domin hakan yana murɗa idon.

Mataki na biyu ma haka za a yi masa: kwarashi yana cikin sabon idon, a shige ƙarƙashin mataki na gaba, a kama, a jawo. Dogayen matakai sukan lanƙwashe su hau kan juna, har na sama ya sauko ƙasa da na ƙasa, saboda haka kada a amince da wanda ya fi kusa da ƙugiya. A bi matakin da ido zuwa gefe a ga daga wane ido na jerin maƙwabta ya fito. Wanda ya dace shi ne wanda ya fito daga layin da ke bin layin idon da ke kan kwarashi kai tsaye. Idan an yi shakka, a leƙa bayan aikin, domin a can matakan sun fi fitowa a jere.

Gajerun matakai, inda aikin yake

Bayan an hau dogayen matakan biyu, za a iso inda saƙar ta rufe. Yanzu da ido yana kan kwarashi ba zai gudu ba, ana iya ɗan buɗa jeruka biyun da yatsu, sai gajerun zaruruwan su bayyana a tsakaninsu, ɗaya ga kowane layi. A nan ne ake komawa ga ƙaramin kwarashi. Matsalar ita ce ana so a yi cikakken ido da zaren da bai kai na ido ba, kuma babu inda za a samo ƙarin sai a wurin maƙwabta na layin nan.

Hanyar da ta fi ba da sakamako mai kyau ita ce a tara zaren kafin a jawo matakin. A ɗauki layin da ake son hawa, a ƙirga idanu uku ko huɗu zuwa dama daga ramin. A sa tsinin allurar ɗinkin ulu ko tsinin wata sanda a ƙarƙashin ƙafar ido na huɗu wadda ta fi kusa da ramin, a ɗan ja kaɗan yadda idon zai ragu ba tare da ya shaƙe ba. Rarar da aka samu a wuce da ita zuwa ido na uku, a ja ƙafarsa ta nesa sannan ta kusa, a ƙara da ɗan abin da shi ma zai bayar, a haka har rarar ta iso matakin. A yi daidai wannan ta hagu. Idan kowane ɗaya daga cikin idanu shida ko takwas ya ba da milimita biyu, an sami abin da zai yi ido guda, kuma ragin da aka yi wa kowannensu bai kai wanda ido zai gani ba. Sannan a shige ƙarƙashin matakin da kwarashi a jawo shi kamar yadda aka yi a baya.

Aiki ne mai cin lokaci, domin kowane layi daga cikin shidan sai an yi masa haka. Akwai masu jawo gajerun matakan da ƙarfi su hau gaba ɗaya, sannan su dawo su daidaita daga baya. Wannan ma yana yiwuwa, amma a ganina ya fi wahala, saboda idon da aka jawo da ƙarfi yana shaƙe maƙwabtansa biyu na kusa har su zama ƙanana ƙwarai, kuma shigar da allura cikin shaƙaƙƙen ido ba tare da an tsaga zare ba abu ne mai wuya. Ƙari a kan haka, zare mai laushi yana iya tsinkewa idan aka matsa masa.

A riƙa ƙirgawa ana hawa. A misalinmu lissafin zai tsaya a 8, kuma mataki na ƙarshe shi ne zaren da yake kwance dab da ƙarƙashin sandunan. A kula kada a ɗauki zaren aiki, wanda yake tafiya zuwa ƙwallon zare, a matsayin mataki. Shi ba ya haɗa jeri da jeri, daga ido na ƙarshe da aka saƙa yake fitowa ya tafi waje.

Mayar da idon kan sanda

Ido yana zama a kan sanda da ƙafa ɗaya a gaba, ɗaya a baya. A salon saƙar da aka fi koyarwa, ƙafar dama ce take gaban sanda, ta hagu tana baya. Hanya mai sauƙi ta samun wannan zama ita ce a zura tsinin sandar hagu cikin idon daga gaba zuwa baya, ta inda kwarashi ya shiga, sannan a zare kwarashin. Wanda ya saba da wani salo, ya dubi yadda sauran idanun suke zaune a kan sandarsa ya zaunar da wannan kamar su. Alamar kuskure ita ce idan aka zo saƙa idon sai a ji ya yi tauri, sanda ba ta shiga da sauƙi, bayan an saƙa kuma ƙafafunsa su giccie. Idan aka ga haka kafin a saƙa, a cire shi a juya shi a mayar.

Wanda ya juya aikin daga layin saƙar baya sai ya sake juya shi yadda yake a da, ya tabbatar idon yana tsinin sandar da ke ɗauke da idanun da ba a saƙa ba, ya ci gaba da saƙar baya. A ƙarshen layin a ƙirga: idanu 60.

Duba aikin da gane kuskure

Kafin a yi nisa, a shimfiɗa aikin a dubi jerin ta fuska da ta baya. Ta fuska ya kamata a ga V takwas a jere, kowanne daidai da layin maƙwabtansa. Idan an ga ido ɗaya ya fi sauran tsawo, yana cin layi biyu, to an tsallake mataki, kuma a baya za a sami zare a kwance wanda ba a saƙa ba. Idan an ga ɗan ƙulli a kwance a fuskar saƙa inda ya kamata a ga V, to a wannan layi matakin yana gaban ido aka jawo shi zuwa baya, wato an yi saƙar baya ba da niyya ba. V mai gicciyayyen gindi murɗi ne. Wurin da ya yi gashi-gashi ko ya yi siriri kuwa zare ne aka tsaga, wani silinsa yana lilo a baya. Idan an ga wuri ya tattare, zaruruwa biyu sun giccie a baya, an ɗauki mataki na sama kafin na ƙasa.

Duk waɗannan maganinsu ɗaya ne, kuma ba ya taɓa sauran aikin: a sa fil a idon da ke ƙasa da kuskuren, a sauke idon wannan jeri daga sanda da gangan, a kwance shi har zuwa fil ɗin, a sake hawa. A karo na biyu matakan duk sun riga sun sami zarensu, hawan ba ya ɗaukar lokaci.

Ko da an yi komai daidai, jerin yakan fito daban da sauran a farko. Inda matakan suke dogaye, sau da yawa akan ga ɗan fili a gefe ɗaya na jerin, saboda zaren ya taru a can. A ja ƙafafun sabbin idanun da tsinin allura a raba rarar tsakaninsu da maƙwabta, sannan a kama saƙar a ja ta a hankali sama da ƙasa, a kuma ja ta dama da hagu. Sauran bambancin wanki ne yake gyara shi, amma gwargwadon irin zaren. Ulu na gashin tumaki yana da taushi da dawowa, idan aka jiƙa shi aka shimfiɗa ya bushe a kwance, idanun sukan daidaita kansu. Zaren auduga ba ya miƙewa, duk wani rashin daidaito yana nan a bayyane, don haka shi sai an daidaita shi sosai da hannu. Mafi yawan zaren da ake sayarwa da sunan ulu don kayan sanyin jarirai a kasuwanninmu na roba ne, kuma shi wanki yana ɗan taimaka masa, amma kada a ɗora masa dutsen guga da nufin a kwantar da wurin, domin zafi yana kashe laushinsa ya bar shi a sake, ba ya kuma dawowa.

Idan babu kwarashi

Ana iya yin aikin da sandunan saƙa, ko da yake ya fi jinkiri kuma bai dace da gajerun matakai ba. A zura sandar dama cikin idon daga gaba zuwa baya, a shige da tsininta ƙarƙashin matakin da ke bi, yadda idon da matakin za su kasance a kan sandar tare, matakin ya fi kusa da tsini. Sai a sa tsinin sandar hagu a ɗaga idon, a tsallake da shi kan matakin, a sake shi ya faɗa. Matakin ya zama sabon ido, a maimaita. Idan akwai wasu sanduna biyu da ba sa ɗauke da aiki, gara a yi da su, don kada nauyin saƙar ya riƙa jan hannu.

Inda wannan hanya take tsayawa

Dogayen matakai ba su da iyaka: ko layuka 30 idon ya gangara da kansa, zaren yana nan, ana hawa da shi har sama. Gajerun ne suke da iyaka. Idan layukan da aka saƙa a kan ramin sun kai goma sha wani abu, ko kuma mai saƙar hannunsa yana da ɗauri har maƙwabta ba su da rarar bayarwa, jerin da aka cusa zai fito a matse, ya yi wata doguwar jijiya mai tauri a tsakiyar aikin, wadda ta fi ramin muni. A wannan hali abin da ya fi shi ne a hau dogayen matakan kaɗai, sannan a ɗaure idon a inda ya tsaya. A tura shi zuwa bayan aikin, a yanko zare irin na saƙar mai tsawon kimanin santimita 20, a zura shi cikin idon da allurar ulu, a ratsa ta cikin ƙullin idon da ke sama da shi a baya, sannan a saƙa bakin zaren biyu cikin ƙulle-ƙullen baya, ɗaya zuwa dama ɗaya zuwa hagu. Ta fuska wurin zai yi kama da inda aka rage ido ɗaya. Idan adadin idanu yana da muhimmanci ga abin da ke gaba, kamar ragin hammata ko na wuya, sai a ƙara ido ɗaya a layin da ake ciki, kusa da gefe inda ɗinki zai ɓoye shi. A faɗin idanu 60 na wannan zare, ido ɗaya bai kai rabin santimita ba, bambancin ba zai nuna a jikin jariri ba.

Idan idanu biyu maƙwabtan juna ne suka zame tare, matakan za su ninka tsawo. A sa wa kowanne fil nasa, a fara hawa da na dama ana kama matakin a ɓangarensa na dama, ana jawo ido daidai girman sauran ba fiye ba, a bar rabin zaren ga na hagu, sannan a hau da shi. Idan kuma idon ya gangara har ya iso wurin da aka haɗa idanu biyu aka rage, zai saki idanu biyu a lokaci ɗaya, sai a kama su duka da kwarashi a jawo matakin wannan layi ta cikinsu tare, wanda yake sama a da ya kasance a sama. Idon bakin gefe shi kaɗai ne ba ya barin tsani, sai dai manyan madaukai a gefen aikin, kowanne yana ɗauke da zaren layi biyu: a jawo ɓangaren ƙasa na madaukin ta cikin idon, sannan a jawo ɓangarensa na sama ta cikin sabon idon, kafin a wuce zuwa madauki na gaba.